Wayarka ta ɓata: abin da za ka iya yi daga nesa, da abin da sai ka shirya tun tana hannunka

Cikin sanarwowin da ake kawo mana nan gidan rediyo, cigiyar waya ba ta yankewa. Wani ta faɗi masa a kan kabu-kabu, wata an zare mata cikin cunkoson kasuwa, wani kuma ya bar ta wurin mai caji ya dawo babu. Muna karanta cigiyar, wani sa'in a dace. Amma akwai tambaya ɗaya da muka saba yi wa mai cigiya kafin ya fita: ka san adireshin Gmail ɗin da ke kan wayar, da lambar sirrinsa? Amsar da muka fi ji ita ce, "Ai yaron da ya sayar mini shi ya buɗe."

To daga nan ne matsalar take farawa. Kusan duk waya mai Android da ake saye a kasuwanninmu, Tecno ce, Infinix, itel ko Samsung, tana zuwa da hanyar nemo ta da kulle ta daga nesa, kyauta. A wayar da aka sa wa Faransanci sunan abin Localiser mon appareil, a mai Ingilishi kuma Find My Device, wanda kamfanin Google ya canza wa suna zuwa Find Hub a shekarar 2025. Sai dai ƙofar shiga wannan hanya ɗaya ce tak, wato asusun Google da ke kan wayar. Wanda bai san adireshinsa da lambar sirrinsa ba, kamar mai gida ne da ya sa ƙofar ƙarfe mai kyau, ya bar makullin a hannun maƙeri.

Yadda abin yake aiki

Waya ba ta da wani sihiri na faɗin inda take. Tana gane wurin da take ta hanyar tauraron ɗan'adam, da eriyoyin kamfanin layi da na wifi da ke kusa, sannan ta aika wannan labari ta intanet. Kai kuma ka ari wayar wani ko kwamfuta, ka buɗe shafin android.com/find, ka shiga da asusunka, sai ka ga taswira. Ke nan galibi abubuwa uku ne ake so su haɗu a wayar da ta ɓata: tana kunne, tana da intanet, kuma maɓallin nuna wuri, wanda ake rubuta Localisation ko Position, yana buɗe.

Mu dubi halinmu mu faɗi gaskiya. Yawancinmu muna kashe intanet da zarar mun gama duba WhatsApp don kada mega ta ƙare, muna kuma kashe Localisation don an ce yana shan batir. Wayar da ta ɓata a wannan hali ba za ta yi magana ba. Abin da za ka gani a taswira shi ne wurin ƙarshe da ta sanar, mai yiwuwa gidanka ne daren jiya. Ba mu ce kowa ya bar intanet buɗe dare da rana ba, mun san kuɗin mega. Amma ranar cin kasuwa, ko ranar tafiya a mota, ko wurin biki da taro, a ganinmu ƴar megar da za ta tafi ba ta kai darajar wayar ba. Shi kuwa Localisation a bar shi buɗe kullum, ba shi ne babban mai cinye batir ba, hasken fuskar waya da bidiyo sun fi shi nesa.

Mu bi misali ɗaya daga farko zuwa ƙarshe

Mu ƙaddara wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa a Kasuwar Dole ta Damagaram. Ƙarfe 11 na safe ya taɓa aljihu, babu waya. Wayar mai sim biyu ce, a kan layi ɗaya akwai kuɗin ciniki, cikin WhatsApp kuma akwai abokan hulɗarsa na Kano da na Agadas. Wannan mutum ya shirya tun da wuri, don haka ga yadda zai yi.

Ya ari wayar maƙwabcin rumfarsa. Ba zai sa asusunsa cikin wayar maƙwabcin ba, zai buɗe Chrome ne ya zaɓi Nouvel onglet de navigation privée, domin in ya gama ya rufe, babu abin da zai rage a wayar mutane. Ya rubuta android.com/find, ya sa adireshi da lambar sirri. Shafin ya nuna masa sunan wayar, da sauran cajin da ke cikinta, da lokacin ƙarshe da aka ji ɗuriyarta, da wani da'ira a kan taswira.

Wannan da'irar ita ce mutane suka fi fahimta a karkace. Ba ta ce ga wayarka a hannun wane ba, cewa take wayar tana wani wuri cikin nan. A fili, inda wayar ke ganin sama, da'irar kan ƙanƙance ta kai ƴan mitoci. Ƙarƙashin rufin kwano na kasuwa tana iya faɗaɗa ta haɗiye rumfuna da yawa. A ƙauyen da eriya ɗaya ce ke ba da rezo kuwa, tana iya rufe garin gaba ɗaya. Saboda haka kada wani ya tashi ya tara mutane a ƙofar gidan bayin Allah don taswira ta nuna unguwarsu. Ɓarawo ɗaya ne, amma zargi ya kan faɗa kan goma.

Abu na biyu da ɗan kasuwarmu zai duba shi ne lokaci. In an rubuta cewa yanzu-yanzu aka ga wayar, tana raye ke nan, umurninsa zai isa gare ta. In kuwa an rubuta awa uku da suka wuce, to an kashe ta, ko an cire sim, ko dama intanet ɗinta a rufe yake.

A misalinmu wayar tana raye, kuma da'irar tana kan kasuwar. Sai ya taɓa Faire sonner. Wayar za ta yi ƙara da iyakar ƙarfinta har minti 5, ko da a shiru aka bar ta. In ta zame ne ta faɗa tsakanin turamen atamfa, magana ta ƙare a nan. Amma ƙarar tana da nata haɗari: in a aljihun ɓarawo take, ka sanar da shi ke nan cewa ana bibiya, nan take zai kashe ta. Don haka in ka ga da'irar tana tafiya, ta bar kasuwa ta nufi tasha, kada ka sa ta ƙara. Ka wuce kai tsaye zuwa kullewa.

Kullewar ita ce Sécuriser l'appareil, a wasu sabbin wayoyi kuma za ka ga an rubuta a sa mata alamar ta ɓata. Da ka taɓa, fuskar wayar za ta kulle da lambar da ka saba buɗe ta da ita, kuma za a ba ka wuri ka rubuta saƙo da lambar da za a kira. Ɗan kasuwarmu ya rubuta: "Wannan waya ta ɓata, don Allah a kira wannan lamba, akwai tukuici", ya sa lambar ƙanensa. Kada a raina wannan saƙo. Ba duk wanda waya ta shiga hannunsa ne ɓarawo ba, wani tsintar ta ya yi, yana so ya mayar amma ta kulle bai san wa zai kira ba. Kuma bayan kullewa, taswira tana ci gaba da nuna wayar.

Sai yanzu, bayan ya kulle, zai nemi kamfanin layinsa a rufe sim. Wannan jeri yana da dalili. Da sim ɗin ne wayar ke samun intanet, in ka riga ka rufe layi kafin ka aika umurnin kullewa, ka toshe hanyar da umurnin zai bi da hannunka. Amma kuma kada a ce za a bar layin buɗe kwana biyu don ana kallon taswira, alhali akwai kuɗi a kansa. Kulle waya aikin minti biyu ne, rufe layi ya biyo baya nan da nan. Daga nan sai komisariya ko wurin jandarmomi, a yi takardar shaidar ɓata, a nuna musu hoton taswirar, su ne masu ikon shiga gida ko tsayar da mutum. Da katin ɗan ƙasa kuma za a je ofishin kamfanin, Airtel ne, Moov, Zamani ko Niger Telecoms, a sake fiddo lambar a sabon sim. A nan wanda ya yi rajistar layinsa da katin wani yake gane kuskurensa, don sai an nemo mai katin.

Maɓalli na uku shi ne goge komai da ke cikin wayar. Wannan sai an fidda rai. Da zarar an goge, wayar ta ɓace daga taswira ke nan, ba za ka sake ganin ta ba, kuma hotunan da ba a adana a wani wuri ba sun tafi. Ƙaramin katin memori da ke ciki ma ba lalle ne gogewar ta taɓa shi ba, a cire shi a sa a wata waya a ga komai. In wayar a kashe take lokacin da ka ba da umurnin, umurnin zai jira, ranar da ta hau intanet sai ya zartu.

Tarkon lambar da ake aikowa ta saƙo

Yanzu mu koma baya kaɗan a misalin, don akwai wurin da mutane da yawa ke maƙalewa ko da sun san lambar sirrinsu. Ka sa adireshi, ka sa lambar sirri, sai Google ya ce shi bai san wannan wayar da kake shigowa da ita ba, don haka ya aika maka wata lamba ta saƙo don ya tabbatar kai ne. Ina ya aika ta? Zuwa sim ɗin da ke cikin wayar da aka sace. Kana tsaye da lambar sirri a hannu, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

Maganin wannan sai tun kafin. Cikin asusun Google, a sashen Sécurité, ƙarƙashin Validation en deux étapes, akwai abin da ake kira Codes de secours. Lambobi ne guda 10, kowace mai alƙaluma 8, kowace kuma sau ɗaya take aiki. Ka kwafe su a takarda da biro. A nan sashen kuma za ka iya ƙara lambar waya ta biyu, ta matarka, ko mijinki, ko wani ɗan'uwa da ka yarda da shi, wadda ba a cikin wayarka sim ɗinta yake ba. Mun ga masu sa lamba ta biyu, sai a tarar ita ce sim na biyu cikin wayar nan dai guda. An sace biyun tare.

Tun shekarar 2024 Google ya ƙara wata gajeriyar hanya saboda irin wannan ruɗani. Sunanta Verrouillage à distance, tana aiki a wayoyi masu Android 10 zuwa sama. Da ita, ko ka manta lambar sirrin asusunka, za ka buɗe android.com/lock a kowace waya, ka rubuta lambar layinka, fuskar wayarka ta kulle. Ba ta nuna taswira, ba ta gogewa, kullewa kawai take yi, ta ba ka lokacin da za ka natsu ka nemo takardarka. Amma sai ka kunna ta da kanka tun wayar na hannunka, ta tabbatar da lambar layin. Hanyar ita ce Paramètres, sai Google, sai Tous les services, sai Protection contre le vol. A wannan shafi akwai wasu maɓallai biyu da suka cancanci a kunna: ɗaya yana kulle wayar in ta ji an fizge ta an ruga da gudu, ɗayan yana kulle ta in an raba ta da intanet na wani lokaci, wanda shi ne abu na farko da ɓarawo ke yi. Ƙananan wayoyi masu sauƙin kuɗi da ke aiki da Android Go ba su samun duk waɗannan, don haka in ka duba ba ka gani ba, ba lalacewa wayarka ta yi ba. Ka riƙe hanyar farko ta asusu, ita tana aiki.

Sim ɗin ya fi wayar tsada

Duk abin da muka faɗa a sama waya yake karewa, ba ya kare sim. Ɓarawo ba ya buƙatar buɗe wayarka kafin ya cuce ka. Tsinke kawai zai sa ya zaro sim, ya sa a ƙaramar waya mai maɓallai. Daga lokacin nan duk kiran da aka yi maka shi zai ɗauka, duk lambar da aka aiko ta saƙo shi zai karanta. Da lamba mai alƙaluma 6 da WhatsApp ke aikowa, zai iya buɗe WhatsApp ɗinka a wayarsa, ya shiga rubuta wa ƴan'uwanka da ke ci-rani cewa kana asibiti a turo kuɗi.

Abin da ke hana wannan tsoho ne, ya girmi Android ma: lambar PIN ta sim. Ana kunna ta a Paramètres, sashen tsaro, wurin da aka rubuta Verrouillage de la carte SIM ko makamancin haka. In tana kunne, duk lokacin da aka kashe waya aka kunna, ko aka kai sim wata waya, sai an sa lambar kafin layi ya hau. Amma a yi hattara wajen kunnawa. Wayar za ta fara tambayar lambar PIN ta asali da sim ya zo da ita, wadda galibi take rubuce a jikin babban katin da aka ɓallo sim daga ciki. In ka yi ta canka ka kuskure sau 3, sim zai kulle ya nemi lambar PUK mai alƙaluma 8, in ita ma ka kuskure sau 10, sim ya mutu sai an sake wani. Wanda ya yar da katinsa, ya bi ta ofishin kamfanin a taimaka masa, ya fi canke. A WhatsApp ma akwai Vérification en deux étapes, a sa lamba 6 ta kanka wadda ba ta zuwa ta saƙo. Kuma da ka karɓi sabon sim ka sake buɗe WhatsApp da lambarka, na wancan wayar zai rufe da kansa.

Takarda ɗaya a cikin akwati

In muka tattara abin da ɗan kasuwarmu ya tanada, takarda ce guda, ajiye a gida inda ake ajiye takardar haihuwa da ta fili. A kanta akwai adireshin Gmail, da lambar sirrinsa, da lambobin nan 10, da PUK na kowane sim, da lambar IMEI. Ita IMEI lambar jikin waya ce mai alƙaluma 15, ana ganin ta in an danna *#06# kamar za a yi kira, kuma waya mai sim biyu lambobi biyu take da su. Tana rubuce a kwalin wayar ma, shi ya sa ba a yar da kwali da rasit. IMEI ba za ta nuna maka wayar a taswira ba, kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya nemo maka waya da IMEI ta wani shafin intanet, ka riƙe kuɗinka. Amfaninta shi ne a hannun hukuma, da kuma ranar da aka kama waya ana son shaidar cewa taka ce. Kada a ɗauki hoton takardar a bar shi cikin wayar, mun ga masu yin haka.

Wanda yaron shago ya buɗe wa asusu kuma bai san lambar sirri ba, yau ne ranar gyara, tun wayar na hannu kuma sim na karɓar saƙo. A shiga Paramètres, a taɓa Google, za a ga adireshin a sama. Daga nan a nemi canza lambar sirri, a bi hanyar wanda ya manta. A duba kuma lambar wayar da aka sa ta ceto asusun, don sau da yawa ta yaron shagon ce. In abin ya faskara gaba ɗaya, a buɗe sabon asusu da hannunka a ƙara shi a wayar, a tabbatar sunayen mutane sun koma cikinsa, sannan a cire tsohon.

Dole kuma fuskar wayar ta kasance da kulle. Lamba mai alƙaluma 6 ta fi zanen yatsa, don zane ana iya hango shi daga bayanka a cikin mota, wani lokaci ma sawun maiƙon yatsa ya bar shi a gilashi. Wannan kullen ne ke sa wata kariya ta yi aiki: in ɓarawo ya goge wayar da ƙarfi ta hanyar danne maɓallan gefe, da ta tashi za ta nemi lambar kullen ko tsohon asusun Google kafin ta buɗu. Ba za mu ɓoye muku ba, akwai masu gyaran waya da ke iya tsallake wannan a wasu wayoyi, wasu kuma a wargaza su a sayar da gilashi da batir. Ko an yi hakan, abin da ke ciki an riga an goge, hotunan iyalinka da saƙonninka ba su shiga hannun kowa ba.

Masu iPhone hanyarsu daban ce amma tsarin ɗaya ne: sunan abin Localiser, shafin icloud.com/find, asusun kuma na Apple. Su ne aka fi aika wa saƙon yaudara bayan sata, cewa an ga wayarka, taɓa nan ka sa lambar sirri. Ɓarawon ne ke neman makullin da ya rasa, kada a ba shi.

Daga ƙarshe, a gwada. Yau da dare ka karɓi wayar wani a gida, ka buɗe android.com/find, ka shiga da abin da ka rubuta a takarda, ka sa wayarka ta yi ƙara. In ta yi, shirinka ya tsaya. In shafin ya ce bai ga wayar ba, duba ko intanet na buɗe, ko Localisation na kunne, ko kuma asusun da ka shiga da shi ba shi ne na kan wayar ba, don wasu wayoyin asusu biyu ko uku ne a kansu. Wanda ya maƙale a wani mataki yana iya kawo tambayarsa gidan rediyo mu amsa a shiri, amma ban da lambar sirri, ko mu kada a faɗa mana ita.